Gidan haya ya ƙone, kamfanin asiransin mai gida yana bin ɗan haya kuɗi

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum jama'ar gida, don Allah wanda ya san harkar asiransi ya taimaka mini. Ƙanena ne malamin makaranta yana haya a unguwar Zariya nan Maraɗi, irin gidan nan mai ƙofa uku a jere tsakar gida ɗaya, shi yana ta tsakiya, ciki da falo. Kafin azumi wuta ta tashi a falonshi da rana yana wurin aiki matarshi kuma ta tahi awo asibiti, kafin ƴan kwana-kwana su iso ta cinye falon da filafon da kwano har ta tsallaka ɗakin maƙwabcinshi na dama. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Mai gidan ya ce mishi kar ya damu gidan yana da asiransi, tunda da bashin banki anka gina shi banki ya tilasta a yi, mu duk mun ɗauka za a biya shi kayanshi. Shekaranjiya sai ga takarda daga kamfanin wai sun biya mai gida miliyan 3 da jaka 200 na gyara, yanzu shi ƙanen nawa za ya biya su. Mutumin da ko katifa bai hidda ba! Ga maƙwabci shi ma yana neman jaka 450 na keken ɗinki da kayan mutane da sunka ƙone. Wannan doka ce ko zalunci ne?

Ɗan Bagalam: Inna lillahi. Allah shi mayar da alheri. Amma Hajiya wannan barazana ce kawai, in gida yana da asiransi ai duk abin da ke cikin gidan ya shiga, ba su da ikon su raba gini da kayan ciki. Kuma su ne za su kawo hujja cewa shi ya sa wutar, mutumin da ma baya nan?

Kabu-Kabu Mokoyo: su asiransi haka suke, ni na biya na moto shekara guda cur wata mota ta buge ni wajen tasha na je sunka ce takardata ba ta biyan gyaran motona sai dai in ni na bugi wani. to mi amfaninta

Baban Asiransi: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba Hajiya. Na yi aikin nan shekaru da dama kafin in yi ritaya, irin takardar nan na gan ta ba sau ɗaya ba. Ba zan ɓoye miki ba, ba barazana ba ce, doka ta ba su wannan hanyar, amma ba ta nufin dole ƙanenki ya biya duk abin da suka rubuta.

Ɗan Bagalam, maganarka ta farko ba haka take ba. Mai gida abin da ya mallaka yake sa wa asiransi: bango, rufi, ƙofofi, wayoyin kuran da ke cikin bango, famfo. Katifar ɗan haya da firigonshi da tele ba na mai gida ba ne, bai biya musu ko dala ba, kamfanin ma bai san da su ba. Har kilim ɗin da ɗan haya ya sa da kuɗinshi, ko karo da ya shimfiɗa a falo don ya gyara wurin, galibi ba sa cikin takardar mai gida. Kuɗin da zai kama wani ɗaki kafin a gama gyara ma ba ya ciki. Mai gida kan iya sa a biya shi kuɗin hayar da ya rasa a watannin gyara, amma wannan aljihunshi ya shafa.

Sai maganar bin kuɗin. Dokar asiransi da muke aiki da ita a Nijar ita ce ta CIMA, wadda ƙasashe 14 suke kai, an sa hannu a yarjejeniyar a Yawunde a 1992. Aya ta 42 ta ce in kamfani ya biya wanda ya yi asiransi, to ya gaji haƙƙinshi na bin duk wanda alhakin ɓarnar ke kanshi, iyakar abin da ya biya. Wato haƙƙin da mai gida yake da shi a kan ɗan hayarshi ne ya koma hannun kamfani.

Ɗan Bagalam: To Baba na yarda da wannan, amma alhakin fa? sai sun tabbatar da laihi ai. Mun karanta wannan, wanda ya yi iƙirari shi ke kawo hujja

Baban Asiransi: A yawancin shari'a haka ne ɗana, amma gobarar gidan haya an ware ta. Duba aya ta 1733 a kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa. Ɗan haya shi ke da alhakin gobara tun daga farko, ba sai an nuna ya yi sakaci ba, saboda an ba shi ɗaki lafiyayye kuma wajibinshi ne ya mayar da shi yadda ya karɓa. Shi ne zai kawo hujjar da za ta fid da shi, kuma ƙofofin kaɗan ne: ko ya nuna abu ne da ya fi ƙarfin mutum kamar tsawa ta faɗo, ko aibi ne a ginin kanshi, ko kuma wutar daga wani gida na maƙwabta ta tsallako. Cewa ba ya gida lokacin ba ta cikin ƙofofin nan. In ma an rasa gane musabbabin wutar gaba ɗaya, a kanshi take zama, nan ne mutane suka fi shan mamaki.

Inda maganarka ta yi daidai shi ne wajen maƙwabcin. Tsakanin ƙanen Hajiya da telan nan babu yarjejeniyar haya, saboda haka telan ne zai nuna an yi sakaci, misali an bar abin guga a jone ko an bar gas a kunne. Bashi biyu ne daban, kowanne da hukuncinshi, kar a haɗa su wuri ɗaya.

Maman Ƴan Biyu: Baba to ai shi ya rantse ba abin da ya bari a kunne sai firigo. Kuma tun bara yake gaya ma mai gidan cewa firiz ɗin bangon falo yana zahi yana baƙi, har disjonkte yana yawan faɗuwa, mai gida ya ce za ya turo mai gyara bai turo ba

Baban Asiransi: To wannan maganar ita ce mafi tsada a duk abin da kika faɗa. In wutar daga wayar cikin bango ta tashi, wadda mai gida ya sa tun gini, siririya ko an haɗa ta ba daidai ba, akwai hanyar a ce aibin gini ne, ko kuma mai gida ne ya ƙi gyaran da ke kanshi. In kuwa daga ralonji ne da shi ya sayo a kasuwa ya jona firigo da tele da bantilate duk a kai, to tashi ce. Tambayata, da baki ya gaya wa mai gidan ko akwai saƙo a waya? In akwai saƙo ko murya ta WhatsApp kar ya goge, ya tura wa wani ya ajiye. In akwai mai gyaran wuta da ya taɓa zuwa ya gani, a nemo shi.

Abin da zai yi cikin satin nan: kar ya sa hannu a kowace takarda da ke cewa ya amince da bashin, ko an ce mishi don a sassauta ne. Kar kuma ya yi shiru. Ya rubuta amsa, ya ajiye kwafi da tambarin karɓa, ya ce yana neman rahoton ekisper ɗin da kamfani ya turo da lissafin yadda aka kai miliyan 3 da jaka 200. A duba ko an kira shi ranar da ekisper ya zo, don rahoton da aka yi bayan idonshi yana da damar ya ƙi yarda da shi. Ya nemi abin da ƴan kwana-kwana suka rubuta ranar, da na komisariya in sun zo. A cikin lissafin a duba ko an sa gyaran da ba wuta ta jawo ba, ko an lissafa sabon kwano a madadin tsohon da ya shekara goma. Sannan ya ga lauya da takardun a hannu. Kuɗin ya kai a biya lauya.

Maman Ƴan Biyu: an riga an gyara gidan fa, an kwashe komi an zubar. amma matarshi ta ɗauki hotuna da bidiyo ranar

Baban Asiransi: Hakan ya rage ƙarfin hujja, da an samu wisiye ya zo ya rubuta abin da ya gani kafin a taɓa komai da ya fi. Amma hotunan su ajiye, musamman in sun nuna inda bango ya fi ƙonewa. Ba zan ce miki zai ci ba, ba zan ce zai faɗi ba, sai an ga rahoton.

Alhaji Sabon Gari: Ni ina da gidajen haya kuma wallahi wagga magana ta tada mini hankali. Mu nan Maraɗi in gobara ta samu ɗan haya jaje muka zuwa yi mai, ba mu bin shi ko tamma, ƙaddara ce. Hajiya ku tahi wurin mai gidan da manya shi ce ya yahe, magana ta ƙare

Baban Asiransi: Alhaji Allah ya saka da alheri, da gidan ba shi da asiransi da maganarka ta wadatar. Amma tunda ya karɓi kuɗin kamfani, haƙƙin ya bar hannunshi, ba zai yafe abin da ba nashi ba. Iyakar abin da zai iya yafewa shi ne ragowar asarar da kamfani bai biya shi ba. Kuma ku masu gidaje ku kula da wannan: ita ayar ta 42 ta ce in mai asiransi da kanshi ya toshe wa kamfani hanyar bin mai alhaki, kamfani na iya sauke nauyin biyanshi, duka ko wani ɓangare. Wato in ka rubuta wa ɗan haya ka yafe mishi gobara ba tare da kamfaninka ya sani ba, kana iya rasa naka kuɗin.

Hanyar da ta dace tun ranar yin takarda ce. Ka gaya wa kamfani kana so a rubuta cewa kai da su kun janye bin ƴan hayarka in gobara ta faru. Suna yi, sukan ƙara wani abu a kan kuɗin shekara tunda sun rasa wanda za su bi. Sai a sa wannan a takardar haya ma. Zuwa da manya wurin mai gidan yana da amfani ta wani gefen, a roƙe shi ya faɗi gaskiya kan maganar firiz ɗin, kuma a ga takardar asiransinshi ko da ma akwai wannan janyewar a ciki ba a lura ba.

Tanti Ali Ɗan Sofo: Ni tambayata daban ce, ni da yarana muna zaune gidan babana ne ba haya ba, kuma ya yi ma gidan asiransi. in Allah ya kiyaye wani abu ya faru nima za su biyo ni kenan??

Baban Asiransi: Wannan sai an duba takardar Tanti. Ki duba ko an rubuta a ciki cewa sun janye bin ƴaƴa da jikoki da iyayen mai asiransin, da masu yi mishi aiki, da duk wanda ke zaune cikin iyalinshi, sai in da gangan aka yi don mugunta. Kuma ki tambayi babanki ko takardar ta haɗa da kayan ɗaki ko gini ne kawai.

Malama Nas: Baba to mu ƴan haya mi ya kamata mu yi tun yanzu? ni dai ban taɓa sanin ɗan haya na iya yin asiransi ba na ɗauka sai mai gida

Baban Asiransi: Yana iya yi ƴata, kamfanonin da ke yin na mota su ne dai suke yin na gida, ki ce musu kina son na mazauni a matsayin ƴar haya. Abu uku za ki tabbatar suna cikin takardar, kuma su ne daidai ramuka ukun da ƙanen Hajiya ya faɗa. Na farko alhakinki a gaban mai gida, a takarda za ki ji suna ce mishi risk lokatif, shi ne da zai amsa takardar miliyan 3 ɗin nan. Na biyu alhakinki a gaban maƙwabta da sauran mutane, shi ne da zai ji da tela. Na uku kayanki na cikin ɗaki. Mutane sun fi damuwa da na ukun saboda shi suke gani da ido, alhali na farkon ne ke iya cinye albashin shekaru, don kayan malamin makaranta ba su kai kuɗin rufin gida ba.

Wajen kaya kuma akwai inda ake faɗuwa. Mutum yana so ya biya kaɗan sai ya rage ƙimar kayanshi. A ce kayanki duka sun kai miliyan 2, kika ce miliyan 1 a rubuta. Wuta ta ci na jaka 800. Za ki ce ai 800 bai kai miliyan ba za a biya duka. Ba haka ba ne. Tunda rabin ƙima kika sa wa asiransi, rabin asara za a biya, jaka 400, sauran ke kika ɗauke wa kanki, sai in takardar ta faɗi akasin haka a fili. Daga 400 ɗin kuma a cire faranshiz, wani kaso da aka rubuta tun farko cewa ke za ki ɗauka a kowace asara, in jaka 50 ne ya rage 350. Kuma ita 800 ɗin ba kuɗin sabo ba ne, ana cire tsufa. Telen da kika saya jaka 250 shekara biyar baya ba za a ƙiyasta ta 250 ba, ƙa'idar ita ce a mayar da ke inda kike, ba a ƙara miki ba.

Saboda haka ki zagaya ɗaki ɗaki ki rubuta komai da kuɗinshi, ki ɗauki hoto, faktir ɗin manyan kaya ki ɗauke su a waya ki tura wa wata ƴar'uwa, don in suna cikin durowa tare za su ƙone.

Malama Nas: kai. to nawa ake biya a shekara kamar? kuma zinarina na aure da moto da nake shigarwa zaure da dare sun shiga?

Baban Asiransi: Kuɗin ya danganta da hayar da kike biya ko girman gidan, da ƙimar kayan, da abin da kika zaɓa a ƙara, ki karɓo lissafi a rubuce wuri biyu ko uku ki gwada. Moto ba ya shiga kayan ɗaki, abin hawa mai inji takardarshi daban. Zinari da tsabar kuɗi ko dai a cire su ko a sa musu iyaka ƙarama, sai kin tambaya kin ga adadin da idonki. Sata ma sau da yawa ƙari ce, kuma suna son alamar fasa ƙofa ko taga. Haka in kuran ya dawo da ƙarfi ya kashe firigo ba tare da wuta ta kama ba, wannan ba gobara ba ce a wurinsu, sai in kin sa ɓarnar lantarki a ciki. Abu biyu kuma ki riƙe: takarda ba ta fara aiki sai kin biya kuɗin, alkawari ba ya yi, ki karɓi rasit. In abu ya faru ki sanar da su da wuri a rubuce, dokar ta ce wa'adin da za su ba ki ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, na sata kuwa awa 48 ne.

Kabu-Kabu, taka ma kusan wannan ce. Wadda ka biya ta alhakinka ce a kan wasu, ita doka ta wajabta. Gyaran motonka asiransin motar da ta buge ka ya kamata ya biya in laifin direban ne.

Kabu-Kabu Mokoyo: ya gudu ai Baba. to ni da nake aje jarka biyu ta mai a ɗakin da nake haya fa

Baban Asiransi: Ka fid da su daga ɗakin kwana tun yau, don ranka da na maƙwabta kafin ma a zo maganar kuɗi. In kuma za ka yi asiransi dole ka faɗa musu. Wanda ya ɓoye irin wannan da gangan takardarshi ta ɓaci gaba ɗaya, kuma kuɗin da ya biya ba a mayar mishi. Haka mai ɗinki ko mai ajiye kayan sayarwa a gida, kayan sana'a ba kayan ɗaki ba ne, shi kanshi telan nan da yana da ta mazauni kawai da an yi gardama kan kekenshi da kayan mutane.

Ustaz Ɗan Gulbi: Ina bin muhawarar, amma ba wanda ya taɓo hukuncin abin a shari'a. Malamai da yawa suna ganin asiransin kasuwanci akwai garari a ciki, ka biya ba ka san ko za ka karɓa ba. Na mota an ce lalura ce tunda hukuma ta tilasta, wannan kuwa ba wanda ya tilasta. Takaful, wato asiransin taimakon juna irin na Musulunci, shi ne mafita in akwai

Ɗan Bagalam: Ustaz to wanda anka aiko ma takardar miliyan 3 shi ba lalura ba ce ta same shi?

Ustaz Ɗan Gulbi: Bayan ta faru kenan. Ni dai na faɗi abin da na sani, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi

Baban Asiransi: Fatawa ba fagena ba ce Ustaz. Abin da zan ƙara kawai, ko mutum ya yi asiransi ko bai yi ba alhakin gobarar yana kanshi a doka. Wanda zuciyarshi ba ta kwanta ba, aƙalla ya nemi a rubuta takardar haya, a rubuta halin da wayoyi suke ranar shiga, kuma duk ƙorafin gyara ya tura shi a saƙo.

Tanti Ali Ɗan Sofo: Ruwa fa Baba? daminar 2024 mun ga yadda gidaje sunka faɗi garin nan, ƙawata ruwa ya shiga ɗakinta har gwiwa komi ya lalace, ita ma haya take

Baban Asiransi: A nan a yi hattara sosai. Ɓarnar ruwa da ke cikin takardar gida yawanci ta famfo ce da ya fashe ko yoyon rufi. Ruwan sama da ya taru a titi ya shigo ta ƙofa, ko gulbi ya cika ya tumbatsa, ambaliya ce, kuma sau da yawa an cire ta sai in an saye ta daban. Kamfani kuma yana iya ƙin karɓar gidan laka ko wanda ke cikin kwari. Ki ce su nuna miki layin da ambaliya take a rubuce, in babu to babu.

Alhaji Sabon Gari: Ni gidajena biyu ke da asiransi kuma ban taɓa karanta takardun ba, yarona ka zuwa shi biya. Wagga janyewa da ka ce, ana iya ƙara ta tsakiyar shekara ko sai takarda ta ƙare an sabunta?

Baban Asiransi: Ana iya ƙarawa Alhaji, ƴar takarda ce ta gyara da ku biyu za ku sa wa hannu, in kamfanin ya amince. Ka sa yaron ya ɗauko su ka duba tukuna ko an ma rubuta cewa ƴan haya ne a ciki, don na sha ganin gidan haya da aka rubuta mai shi ne ke zaune.

Maman Ƴan Biyu: Na kira shi yanzu, ya ce saƙon murya ne ya tura ma mai gidan amma a tsohuwar wayarshi da ta ƙone, yana dai duba ko matarshi tana da shi tunda ya taɓa tura mata. Baba in ya karɓo rahoton zan turo maka ta gefe ka duba mana